Yadda ake ƙirga mutane a taron da ba a rubuta sunan kowa ba

Karon farko da aka ɗora mini ƙidayar wani taro a nan Sakkwato, na tsayar da yara a ƙofa, suka danna, da yamma na tara alƙaluma na miƙa wa masu taro da fara'ata. Wani dattijo cikin kwamitin ya dubi takardar ya ce, “Ɗana, ni kaɗai sau huɗu na shiga wurin nan yau. Mutum huɗu ka rubuta ni ko ɗaya?” Ban da amsa. Abin da na ƙirga shi ne sau nawa aka ratsa ƙofa, su kuma mutum nawa suka zo suke tambaya.

Don haka tun kafin ka sayi ko da biro, ka san cewa lamba uku ake iya fitarwa daga taro guda: yawan shiga, wato sau nawa aka ratsa ƙofa, yawan mutanen da suka zo, kowa sau ɗaya, da kuma yawan waɗanda ke cikin fili a lokacin da ya fi cika. Wanda ya ba da kuɗin taro ta biyu yake so. Mai kula da tsaro da mai kawo ruwa da kujeru ta uku ce damuwarsu. Ta farko ba mai buƙatarta, amma daga gare ta ake samo ta biyu. Zan bi da kai ta wani baje koli na yini ɗaya da masu sana'ar hannu suka yi a filin wata makarantar firamare, dukawa da majema da mata masu sabulu da turaren wuta, daga ƙarfe 9 na safe zuwa 6 na yamma, cikin zafin bazara, shiga kyauta.

Kayan aiki

Abin dannawa shi ne kan gaba. Akwai kaunta ta ƙarfe da ake riƙewa a tafin hannu, mai gurbin lamba huɗu, tana kaiwa 9999 sannan ta koma sifili. Idan ba ka same ta ba, carbin zamani da ake saƙalawa a yatsa yana yin aikin, kuma ba ya wuyar samu a kasuwa. Aibinsa ɗaya: maɓallin gogewa yana dab da na dannawa. Ka naɗe ƙaramin da salatif kafin ka ba kowa. Idan shi ma babu, takarda da biro sun isa: sanda huɗu a tsaye, ta biyar ta gitta su, biyar-biyar ke nan. Sai dai hannu ba ya cim ma ƙofa mai cunkoso, ka bar wannan ga ƙaramar ƙofa.

Sai takardar rubuta sakamako, ɗaya ga kowace ƙofa, an ja mata layi na kowane minti 15; katako ko kwali na dannewa; igiya doguwa da benci biyu ko uku na matse ƙofa; wata igiya mai tsawon mita 20 da aka haɗa bakinta biyu, aka ƙulla a kowace mita 5; tef na awo; ƙyalle mai launi ɗaya da aka yayyanka don ɗaura wa ma'aikata a hannu. Kar ka manta da lema da ruwan sha. A bazarar Sakkwato zafi yana haura digiri 40, kuma mai ƙirgar da rana ta gasa ba ya ƙirga, danna kawai yake yi.

Mutane kuwa, kowace ƙofa tana son uku: mai ƙirga shiga, mai ƙirga fita, da mai tambaya. Ƙara mutum biyu masu karɓar wanda ya gaji. Kai kuma kar ka riƙe kaunta, aikinka zagaye.

1. Zagaya filin ana gobe taro

Ka je da ƙafarka, ka bi katanga daga ciki har ka dawo inda ka fara. Kar ka tsaya ga abin da mai gadi ya gaya maka. Mu an ce mana ƙofa biyu ce, babba ta gabas da ƙarama ta arewa wadda aka ware wa mata. Da na zagaya bayan azuzuwa sai ga wani gurbi inda katanga ta zube, har an tattake hanya ta yi fari. Nan ne yaran unguwa da 'yan talla suke bi. Duk inda ka ga ƙasa ta daddale babu ciyawa, ƙofa ce, ko da ba ta da ƙyaure.

A wannan zagayen ne za ka auna tsawo da faɗin wurin da jama'a za su tsaya, ka zana shi a takarda, ka nuna inda rumfuna za su zauna da inda inuwa take faɗawa da yamma.

2. Yanke wa ake ƙirgawa, kuma a faɗa wa kowa a gaban kowa

Nan ake samun saɓani tsakanin ƙofofi. Wannan yana ƙirga goyo, wancan ba ya ƙirgawa, da yamma ka haɗa lambobin da ba jinsi ɗaya ba. Ƙa'idar da nake bi: duk wanda ya shigo da ƙafarsa a danna masa, yaro ko babba, jaririn goye ko na hannu a'a. Ɗan kabu-kabu da ya sauke fasinja ya juya ba a danna masa. Masu rumfuna da 'yan agaji da 'yan kwamiti a ƙirga su daban da safe kafin a buɗe, a ɗaura musu ƙyalle, daga nan ko sau hamsin suka fita suka dawo ba ruwan kaunta da su. Namu sun kama 180.

Ba dole ka bi ƙa'idata ba. Dole dai ta zama ɗaya a duk ƙofofi, kuma ka rubuta ta a rahoto.

3. Matse ƙofa, ka ja layi

Ido ba ya iya ƙirga mutum shida da suka jero kafaɗa da kafaɗa. Ka sa igiya ta raba ƙofa biyu, ɓangaren shiga da na fita, ka rage faɗin kowanne da benci yadda mutum biyu za su wuce a jere. Ja layi a ƙasa da toka ko farar ƙasa. Mai ƙirga ya tsaya a gefe, daidai layin, yana kallon layin, ba fuskokin masu tahowa ba. Ƙafa ta ƙetare, ya danna. Wanda ya tsaya yana leƙe daga waje bai shigo ba.

Gargaɗi mai nauyi: bencin nan abin da mutum ɗaya zai iya janyewa ne nan take. Kar a ɗaure shi, kar a rufe wata ƙofa don ƙirga ta yi sauƙi. Da zarar ka ga an fara turereniya, janye komai, bar ƙirgar, rubuta lokacin. Giɓin minti goma ana iya cike shi da kintace daga layukan da ke gaba da bayansa.

4. Rubuta abin da kaunta ta nuna duk minti 15, ba tare da gogewa ba

Ka daidaita agogon kowa da safe. Duk rubu'in awa mai ƙirga ya duba kaunta ya rubuta lambar da ke kai, ya ci gaba daga inda take. Ba a mayar da ita sifili har a tashi. Dalili: idan lamba tana hawa ne, wanda ya manta rubuta layi ɗaya bai yi asarar komai ba, layi na gaba ya haɗiye shi. Idan kuma kaunta ta goge, minti 15 kawai ka rasa. Ya faru da mu wajen sha ɗaya da rabi, wani yaro ya ɓare salatif ɗin carbinsa don yana damun yatsarsa, sai ga sifili. Da yake layin 11:15 na nan a rubuce, muka ɗora daga can.

Ka canja mai ƙirga duk awa ɗaya, a babbar ƙofa ma kafin haka. Mai karɓa ya karɓi kaunta da lambarta, su rubuta lokacin canji. Ka kuma tsara salla tun da safe, wa zai fara tafiya wa zai jira, domin lokacin azahar da la'asar ne ƙofa ta fi aiki: jama'a su fita tare, su dawo tare. Wannan ne lokacin da ba a barin ƙofa ba kowa.

Da kake zagaye, ka riƙa tsayawa bayan mai ƙirga na minti biyar kana ƙirgawa a zuci, sannan ku gwada. Idan kai ka sami 60 shi ya sami 58, ba komai. Idan ya sami 45, ko ya gaji ko ƙofar ta yi masa faɗi.

5. Ƙofar da ba ka da mai tsaron ta: ɗauki samfuri

Ba mu da mutumin da za mu ajiye a gurbin katangar nan yini guda. Sai muka sa ɗaya daga masu karɓa ya riƙa zuwa yana ƙirga minti 15 a kowace awa. Tunda minti 15 rubu'in awa ne, abin da aka samu sai a ninka huɗu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a riƙa zuwa a farkon kowace awa, ko kuma a bar wa mai ƙirga ya je lokacin da ya ga dama. Idan ka bar masa, zai je ne lokacin da ya hango mutane, lambar ta kumbura. Ka yanki takarda huɗu, ka rubuta 1 zuwa 4, ka zuba a hula, ka zaro ɗaya don kowace awa tun kafin a fara. Wadda ta fito, wannan rubu'in za a tsaya, ko da akuya kaɗai ke wucewa. Sifili ma sakamako ne, a rubuta shi.

A awa tara ya tsaya sau tara, ya sami mutum 215. Sau huɗu, 860. Wannan dabara tana yi ne inda shigowa ke tafiya sannu a hankali. Ƙofar da mota ke sauke mutum talatin a lokaci guda ba ta samfuri ba ce, a tsaya mata cikakke.

6. Tambayar da ke raba mutum da inuwarsa

Wannan ne zuciyar aikin, kuma shi ne amsar dattijon nan. Ba za ka iya tambayar kowa ko ya riga ya shigo ba, ƙofa za ta toshe. Sai ka tambayi mutum ɗaya cikin kowane ashirin. Duk sanda kaunta ta kai 20, 40, 60, haka har tashi, mai ƙirga ya ɗaga hannu ya nuna wanda ya ƙetare layi, mai tambaya ya bi shi taku biyu zuwa ciki ya tambaye shi, ba tare da ya tare hanya ba.

Wanda kaunta ta faɗa kansa shi ake tambaya. Kar mai tambaya ya zaɓi mai sakin fuska, ko sa'ansa, ko wanda ya sani. Da ya fara zaɓe, samfurin ya lalace, don masu saurin wucewa da ba sa son tsayawa su ne galibi waɗanda suka riga suka san wurin, wato masu dawowa. Idan ta faɗa kan ƙaramin yaro, a tambayi wanda ke riƙe da shi. Wanda ya ƙi amsawa a yi masa alama a gefe, kar a maye gurbinsa da na bayansa. A ƙofar mata, mace ce za ta yi tambaya.

Lafazin tambayar ma sai an kula. Da farko mun ce, “Ka taɓa shigowa?” Wasu suka ɗauka bajen bara ake nufi. Wasu kuma suka zaci wanda ya ce e za a hana shi, ko a ce ya biya. Wata tsohuwa ta tsuke fuska ta ce wa yarinyarmu, “Ɗiyata, mi za a ba mu?” Sai muka gyara: “Baba, sannu da zuwa, ƙirga kawai muke yi. Yanzu ka fara shigowa yau, ko ka fita ne ka dawo?” Da aka ba mutum zaɓi biyu, kuma ya ji ba abin da zai samu ko ya rasa, sai amsa ta zo a miƙe. Idan taronka akwai rabon wani abu, ka nisanta mai tambaya daga teburin rabo, in ba haka ba kowa sabon zuwa ne.

Wasu suna shafa wa mutane tawada a yatsa maimakon tambaya. Na gwada, ban sake ba. Mutane suna tambayar ko za ta hana alwala, wasu suna zargin wata manufa ce, kuma layi yana tsayawa.

Takardar mai tambaya gida uku ce kawai: sabo, ya dawo, bai amsa ba.

7. Lissafin yamma, ƙofa-ƙofa

Babbar ƙofa ta nuna shiga 4,120. An tambayi 206, 200 suka amsa, 64 suka ce dawowa suka yi. Kashi 32 cikin ɗari ke nan, saura kashi 68 sababbi. Kashi 68 na 4,120 ya kama kusan 2,800.

Ƙofar mata ta nuna 2,630. Cikin 125 da suka amsa, 20 kaɗai suka dawo, kashi 16. Mata in sun shigo da yara ba su cika fita ba sai za su tafi gida, kuma an shimfiɗa musu tabarmin salla a cikin wani aji. Kashi 84 na 2,630 ya ba da kusan 2,210.

A gurbin katanga, da yake mutanen kaɗan ne, mun tambayi kowane na biyar. Cikin 40 da suka amsa, 22 masu dawowa ne, yara da masu tallan ruwa da ke komawa ɗauko kaya. Kashi 45 na 860, kusan 390.

Jimillar shiga 7,610. Jimillar mutane kusan 5,400, ban da ma'aikata 180. Da mun miƙa lambar farko, da mun ƙara mutum fiye da dubu biyu da ba su wanzu ba. Ka lura da dalilin yin lissafin kowace ƙofa daban: kason masu dawowa ya tashi daga 16 zuwa 55. Kason wata ƙofa ba ya hawa kan wata. Wanda kuma ya shiga ta gabas da safe ya dawo ta gurbi da yamma bai ɓata komai ba, tambayar “yau” ta ce, ba ta ce ta wace ƙofa ba.

Samfuri ba ya ba da lamba cif. Ga ma'auni mai sauƙi: idan mutum 100 suka amsa, kason da ka samu zai iya kaucewa da kamar maki 10 sama ko ƙasa, idan 200 ne, kamar 7, idan 400 ne, kamar 5. Wato don ka rage kuskure da rabi sai ka ninka masu amsa sau huɗu. Maki 7 a kan 4,120 mutum kusan 290 ne. Da muka dubi na sauran ƙofofin da kuma gajiyar masu dannawa, muka rubuta: tsakanin 5,000 da 5,800, mafi kusa 5,400. Kar ka rubuta 5,398. Wanda ya san aikin zai gane ba ka san iyakar awonka ba. Idan kuma taronka ƙarami ne, kana sa ran shiga dubu ɗaya, tambayi kowane na biyar, don ka sami amsa kusan 200.

8. Mutum nawa ke ciki lokacin da fili ya cika

Hanya ta farko tana cikin takardunka: a kowane layi, cire fita daga shiga. Layin da saura ya fi yawa shi ne ƙololuwa. Namu ƙarfe 5 ne, bayan la'asar da rana ta yi sanyi: shiga 6,180 a ƙofofin biyu, fita 4,390, saura 1,790. Gurbin katanga mun ɗauka masu shiga da masu fita ta nan sun yi kunnen doki.

Wannan lamba tana da halin kumbura yayin da yini ke tafiya, don mai ƙirga fita ya fi kuskure: mutane suna fita a dunƙule, suna ba shi baya. Za ka gane haka da an tashi. Fili ya zama wayam, amma takarda ta ce akwai saura ɗari biyu a ciki. Shi ya sa ake gwada ta da hanya ta biyu, awon fili, wadda ake dangantawa da Herbert Jacobs, malamin aikin jarida a jami'ar Berkeley ta Amurka. A shekarun 1960 yana hango masu zanga-zanga daga ofishinsa a wani dandali mai zanen gida-gida, sai ya riƙa ƙirga na cikin 'yan gidaje ya ninka da yawan gidajen.

Namu wurin mita 60 ne a 40, murabba'in mita 2,400. Teburan kaya da wurin zaman masu sayarwa sun cinye 600, saura 1,800. Kuma jama'a ba su bazu daidai ba, Basakkwace inuwa yake bi. Ƙarƙashin rumfunan tamfol da gindin dogon yaro, kamar murabba'i 500, a cike yake. Sauran 1,300 tsilla-tsilla. Idan ka auna inuwa kaɗai ka ninka da dukan fili, ka yi irin lissafin masu cewa taronsu ya tara miliyan.

Igiyar nan mai ƙulli huɗu, idan mutum huɗu suka riƙe ƙullayen suka ja, tana ba da gida mai mita 5 a 5, murabba'i 25. Cikin jama'a ba a jan igiya, don haka da safe muka shimfiɗa ta a wuri shida muka zuba toka a kusurwoyi, uku a inda inuwa za ta kasance, uku a sarari. Ƙarfe 5 daidai muka hau benci muka ƙirga. Na inuwa: 46, 55, 49, matsakaici 50, wato mutum 2 a kowane murabba'in mita, sau 500 ya ba da 1,000. Na sarari: 9, 16, 11, matsakaici 12, ƙasa kaɗan da rabin mutum a murabba'i, sau 1,300 ya ba da 624. Jimilla kusan 1,620. Idan akwai bene ko tankin ruwa mai matakala, hoton waya daga sama ya fi, sai ka ƙirga kawuna daga baya a natse.

Ƙofa ta ce 1,790, fili ya ce 1,620. Tazarar kusan kashi goma ce, kuma ta ɓangaren da muka zata, don haka muka rubuta kusan 1,700. Da ɗaya ta ninka ɗaya, da sai mu koma neman wata kafa da ba mu gani ba, ko mu sake auna filin. Wani amfanin awon nan: idan gida mai murabba'i 25 ya kai mutum 100, wato huɗu a kowace mita, ajiye biro ka nemi masu tsaro su rage shigowa.

9. Rahoto

Shafi ɗaya ya isa. Lambobin uku, kowace da sunanta. Wa aka ƙirga wa aka bari. Ƙofar da aka tsaya cikakke da wadda aka yi wa samfuri. Mutum nawa aka tambaya. Lokacin da carbi ya goge da yadda aka cike. Ka haɗa takardun ƙofofi na asali a baya, da datti da zufarsu, kar ka sake kwafe su.

Ka shirya wa ranar miƙawa. Shugaban kwamitinmu ya riga ya faɗa a lasifika cewa mutum dubu ashirin sun halarta. Da ya ga 5,400 ya yi shiru, ya ce, “Malam, ba a ɗan ƙara?” Na buɗe masa layin ƙarfe 5, na nuna masa cewa ko da an cika filin nan makil, mutum biyu a kowace mita, 3,600 zai ɗauka. Ya juya takardar ya ga cewa tsakanin sha biyu da ƙarfe uku kusan ba mai shigowa sai masu dawowa daga salla, sai ya kira sakatare ya ce baɗi a fara da la'asar a kai dare, a nemo janareta.